Get Ɗin da Baba Ya Ƙi a Cire

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama Baba, kalma ɗaya ce ta rage masa a baki, ita ce "to". In an kawo masa shayi, to. In an tambaye shi ko ƙafar na ciwo, to. Ranar da ma'aikacin asibiti ya miƙe masa kafaɗa har hawaye suka zubo, abin da ya fito ke nan. Wannan fa mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da lantarki a kwalejin fasaha, wanda ɗalibai ke cewa in ya fara bayani sai an kashe masa fitilar aji kafin ya yi shiru. Hannun dama ya daina aiki, na hagu kuma in an ba shi biro tonon kaza kawai yake yi a takarda.

Likita ya ce ba zai iya rantsewa a kan iyakar abin da Baba ke fahimta ba. Wasu masu irin ciwon suna jin komai, maganar ce ta ƙi fita, wasu kuma ciwon ya tafi da fahimtar gaba ɗaya. Gyaɗa kai ma ba abin dogaro ba ne, don wani lokaci yakan gyaɗa a inda ya kamata ya girgiza. Da wannan amsar muka dawo gida, kowa ya ɗauki ɓangaren da zuciyarsa za ta iya ɗauka. Mama ta ci gaba da ba shi labarin maƙwabta kamar yadda ta saba. Yaya kuwa, babban wana, ya yanke cewa Baba ya tafi, jikin ne ya rage mana.

Ba zan yi wa Yaya ƙarya ba, duk da haushinsa da nake ji a lokacin. Shi ke zuwa kowace safiya kafin ya wuce wurin aiki, ya ɗaga Baba daga gado, ya yi masa wanka, ya aske masa gemu. Ni ko juya shi ba na iyawa. Amma ya koyi wata ɗabi'a da ke tafasa mini zuciya: sai ya tsaya a kan Baba yana maganarsa kamar ana zancen tsohuwar kujera. "A sa shi a rana." "Ya ci abinci kuwa?" Da haka ya kawo zancen ɗakin aikin Baba, wanda ke kusa da banɗaki kuma ƙofarsa ke da faɗin da keken guragu zai shige. Ya ce a ƙarshen mako zai kwashe mitocin awon lantarki da littattafai da akwatunan ƙananan kayan gyara ya kai wa kwalejin, a mayar da gadon can. Na ce a tambayi mai ɗakin. Ya dube ni da idanun da ba su ƙoshi da barci ba, ya ce, "Auta, wa za a tambaya?"

Tambayar nan ta fi komai yi mini ciwo.

Ana cikin haka aka kira wayar Baba daga wani kamfanin sarrafa madara. Allon lantarkin da ke kula da ruwan tukunyar tururinsu ya ƙone, kuma sunan Baba da lambarsa ne a ƙasan zanen da ke manne a cikin ƙofar akwatin na'urar. Mama ta gaya musu halin da ake ciki, sannan ta ƙara da cewa 'yarsa ma aikinta ke nan, ta miƙo mini wayar. Gaskiyarta, ni ma gyaran allunan lantarki nake yi a wani ƙaramin shago, kuma Baba ne ya fara ɗora mini ƙarfen lahami a hannu. Mai kula da tukunyar, wani da suke kira Dogo, ya ce takardar ta manne da ƙarfe, in aka taɓa ta za ta marmashe, don haka ya ɗauko ta a hoto ya turo mini.

Hoton a karkace yake, da hasken waya ya haske kusurwa ɗaya, ga babban yatsan Dogo ya leƙo daga gefe. Amma ina buɗewa na gane hannun. Baba na zana get ɗin AND, wato 'yar ƙofar lantarkin da ke karɓar saƙon wayoyi ta fitar da amsa ɗaya, da ciki zagaye sumul kamar da kofi ya auna, kuma duk inda waya biyu suka haɗu sai ya ɗiga baƙin ɗigo mai kauri, don kada wani ya ɗauka wucewa kawai suka yi. Na daɗe ina kallon rubutun kafin na tuna aiki aka ba ni.

Zanen ba shi da wahala: ɗaya na nufin akwai lantarki a waya, sifili kuma babu. Kamfanin na da tankin ruwa biyu. Wayar A daga wani agogon na'ura take fitowa, wanda ke sauya tanki lokaci-lokaci: in A ɗaya ce ana jan ruwa daga tanki na farko, in sifili ce daga na biyu. B tana zama ɗaya in akwai ruwa a tanki na farko, C kuma in akwai a na biyu. Abin da ke fita a ƙarshe, F, shi ne izini. Muddin F ɗaya ce tukunya na aiki. Da zarar ta faɗi sifili, wani makulli na lantarki zai kashe wuta da famfo, kuma ba zai saki ba sai mutum ya zo ya danna da hannunsa. Dalili a fili yake, tukunyar tururi ba ta ƙaunar a hura mata wuta babu ruwa.

Na faɗaɗa hoton ina bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ina duba bakin kowane get ko akwai 'yar da'irar nan da ke juya amsa, don haske na iya ɓoye ta. Babu ita a ko'ina sai a kan get ɗin NOT guda ɗaya, wanda ke karɓar A ya mayar da ita kishiyarta, wato Ā. Get ɗin AND uku ne. Na farko ya haɗa A da B, na biyu ya haɗa Ā da C, na uku ya haɗa B da C. Dukansu suka zuba cikin OR. AND ba ya ba da ɗaya sai duk abin da ya shige shi ɗaya ne, OR kuwa ko guda ya samu ya ishe shi. Na rubuta, haruffa a manne na nufin AND, alamar + kuma OR:

F = AB + ĀC + BC

Ina ganin BC na yi murmushi. Duk wanda ya zauna ajin lissafin Bul, wato lissafin ɗaya da sifili, ya san irin wannan jelar, cire ta ake yi. Tun da A + Ā ɗaya ne, ana iya rubuta BC a matsayin ABC + ĀBC. AB ya haɗiye ABC, ĀC ya haɗiye ĀBC, sai a tashi da:

F = AB + ĀC

Ban tsaya nan ba, don Baba bai taɓa yarda da lissafin da ba a gwada shi da jadawalin gaskiya ba, wato a jera duk yanayin da A da B da C za su iya kasancewa, a ga me ke fita a kowanne. Na ja layuka takwas, na cika na zanensa da nawa daban-daban, suka fito iri ɗaya:

A B C | F
0 0 0 | 0
0 0 1 | 1
0 1 0 | 0
0 1 1 | 1
1 0 0 | 0
1 0 1 | 0
1 1 0 | 1
1 1 1 | 1

BC ba ya zama ɗaya sai a layi na huɗu da na takwas, kuma a duka biyun F ta riga ta zama ɗaya ba tare da shi ba. Get na uku zaman banza yake yi. Na ji daɗi, har da 'yar fariya, wai yau na kama malam da aikin da bai taƙaita ba.

Da yamma na ja kujera kusa da kekensa a falo, na nuna masa hoton. Ya ƙura masa ido, numfashinsa ya canza. Na shimfiɗa takardata a kan katakon da ake ɗora masa abinci, na karanta masa lissafin a hankali, na ce cikin tsokana, "Baba, ka ga ɗalibarka ta rage maka get ɗaya." Na sa biro na soke BC a gabansa.

Sai hannun hagun ya taso. Ya ɗora yatsa a layin ƙarshe na jadawalin, ya ja shi sama zuwa tsakiya, ya ɗaga, ya mayar ƙasa, ya sake ja. Yana yi yana cewa to, to, to, muryar na hawa. Na ce masa e, layukan daidai suke, na duba sau biyu. Ya ci gaba da ja har farcensa ya yaga takardar, kofin shayi ya kife a cinyarsa. Yaya, wanda shigowarsa ke nan, ya janye katakon, ya goge masa jiki, ya ce da ni ba tare da faɗa ba in daina wahalar da shi. Ya ce hannun ne ke motsi da kansa, haka yake yi wa bargo ma da safe. Mama ta tashi ta shige kicin. Ni kuwa na naɗe yagaggiyar takardar na sa a jaka, kuma a karon farko na ji a raina cewa wataƙila Yaya ne ke da gaskiya. Na yi kuka a banɗaki, na buɗe famfo don kada a ji.

Na haɗa sabon allon a shago da AND biyu, NOT ɗaya, OR ɗaya. Na gwada layuka takwas ɗin da ƙaramar fitila, kowanne ya ba da abin da jadawali ya ce. Na kai kamfanin na ɗaura. Ɗakin tukunyar zafi ne da shi kamar cikin tanda, ƙasa a jiƙe, bututu na tsiyaya a kan wani bokitin fenti da aka ajiye domin haka. Dogo ya danna makulli, wuta ta kama, famfo ya ɗauka. Ya ce lallai 'yar malam ce. Na tafi ina jin kaina.

Washegari kafin tsakar rana Dogo ya kira. Tukunya ta mutu, alhali tankunan biyu cike suke. Ya danna ta tashi, ta yi aiki lafiya, can kuma ta sake mutuwa, ga madara a cikin bututu tana jiran zafi, manaja na zagaye shi yana huci. Na koma da mita na bi kowace waya. Komai daidai. F ɗaya ce cur, ko motsi ba ta yi. Na zargi na'urorin da ke auna ruwa, na zargi makullin, na zargi Dogo ma a zuciyata. Shi kuwa bawan Allah yana tsaye da tsumma a kafaɗa, sai ya ce abin da ya lura da shi dai, ba ta mutuwa sai lokacin sauya tanki. Kuma ba kowane sauyi ba. In daga na biyu za a koma na farko, lafiya lau. Daga na farko zuwa na biyu ne take ɗaukewa.

Na zauna a kan wani akwatin ƙarfe na zaro takardar daga jaka don in ga wane layi ne wannan. Tankuna biyu cike, B ɗaya, C ɗaya. Ana kan tanki na farko, A ɗaya: layi na takwas. An koma na biyu, A sifili: layi na huɗu. Na kai yatsa zan bi daga wannan zuwa wancan, sai yatsan ya faɗa cikin yagar da farcen Baba ya yi. Daga layi na takwas ta fara, a na huɗu ta tsaya.

Abin da aka taɓa koya mana a aji, muka rubuta a jarrabawa muka watsar, ya dawo mini gaba ɗaya. Jadawalin gaskiya yana faɗin abin da ke fita bayan komai ya natsu, ba ya faɗin abin da ke faruwa a kan hanya. Kowane get na ɗaukar ɗan lokaci kafin ya amsa. A layi na takwas AB ne ke riƙe da F. In A ta faɗi, AB zai saki, amma ĀC ba zai kama ba sai get ɗin NOT ya gama juya A tukuna. Tsakanin sakin wannan da kamun wancan akwai wani ɗan taƙi, wanda ƙiftawar ido ma doguwa ce a kansa, da babu mai riƙe da F. Fitila ba za ta nuna ba, mita ba za ta gani ba, amma makullin yana gani, kuma aikinsa ke nan. A ɗaya hanyar kuwa, in A ta tashi, AB na kamawa kafin ĀC ya saki, shi ya sa ba ta mutuwa. Get na uku bai damu da A ba sam. Muddin tankunan biyu na da ruwa yana riƙe da F, su sauran su yi musayarsu a tsanake.

Na kira shago aka kawo mini na'urar da ke zana motsin lantarki a gilashi, na saita ta ta kama duk faɗuwar F. Da agogon ya sauya tanki, ga shi nan: layi miƙaƙƙe a sama, da wani siririn tsagi da ya nutsa ƙasa ya dawo, tukunya kuma ta ɗauke. Na ɗauki hotonsa. Aisin AND ɗin, wato ɗan kayan da ake dasawa a jikin allo, get huɗu ne a cikinsa, biyu na zaune ba aiki, na OR ma haka, don haka ko sabon kaya ban nema ba. 'Yan wayoyi na ƙara na mayar da BC inda mai shi ya ajiye shi. Muka tsaya ni da Dogo muka ga sauyi ya wuce, wani ya sake wucewa, layin bai ko girgiza ba. Na ɗauki hoto na biyu. Dogo ya tambaye ni me ya lalace, na ce babu, wani abu ne na cire da ba a cirewa.

Da na isa gida rana ba ta faɗi ba. Na tarar da kwalaye a jere a baranda, Yaya ya fara aikin tun kafin ƙarshen makon, yana naɗe mitocin Baba da tsofaffin jaridu, a hankali kamar mai naɗe ƙwai. Na ce ya zo falo. Ya ce yana da aiki. Na ce, "Yaya, don Allah. Ba gardama na zo yi ba."

Baba na wurin da aka ajiye shi, fuskarsa ga taga. Na juyo da keken, na durƙusa, na shimfiɗa takardar a kan katako. Ban nuna masa komai a kai ba. Na gaya masa, da irin muryar da nake yi masa magana kafin ciwon, cewa na ɗaura allon babu get na uku, kuma tukunyar ta yi ta mutuwa alhali akwai ruwa. Sannan na ce, "A ina ne, Baba?"

Hannun hagun ya taso. Ya sauka a layi na takwas, ya ja zuwa na huɗu, ya tsaya. Yaya ya ce ai abin da ya yi ke nan rannan. Na ce haka ne. Na ɗauko sabuwar takarda na sake rubuta jadawalin, amma na hargitsa layukan, na kai na takwas can sama, na jefa na huɗu kusa da ƙarshe. Ina rubutawa ban san me zan yi ba in yatsan ya koma inda ya saba. Baba ya daɗe yana kallo. Ya bi layukan da ido, ya wuce, ya dawo. Sai ya ɗora yatsa a kan 1 1 1, ya ja shi ƙasa a hankali, ya tsallake duk na tsakani, ya tsaya a kan 0 1 1. Ya ɗago ya dube ni da irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya makara.

Na nuna masa hotunan biyu, mai tsagi da marar tsagi. Ɓangaren bakinsa mai motsi ya ɗaga. Na ce masa na mayar da get ɗin, kuma ba zan ƙara rage masa aiki ba, sai ya yi wani sauti da na daɗe ban ji ba, dariya ce ta fito a karkace. Mama na tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta ce ita dama ba ta taɓa shakkar yana fahimta ba, mutumin da ke ɓata fuska duk lokacin da ta kawo zancen ƙanwarta.

Yaya bai san AND ba, bai san OR ba, amma ya ga yatsan ya bi lambobin zuwa inda suka koma. Jarida na hannunsa har lokacin. Na ga lokacin da abin ya iso masa, ba zancen tukunya ba, duk safiyoyin nan da ya tsaya a kan mutumin yana cewa a sa shi a rana, da ranar da ya ce wa za a tambaya. Na yi zaton zan ji daɗin ganin haka, sai na ji tausayinsa ya kama ni.

Ya ajiye jaridar, ya zagayo gaban keken, ya durƙusa har idonsu ya daidaita.

"Baba," ya ce, "ashe duk kana ji."

Baba ya ce to. Ya ɗaga hannun hagun ya ɗora a kan Yaya, ya bar shi a nan.

Da Yaya ya samu ya miƙe, ya share fuska da hannun riga, ya kama keken ya tura shi zuwa ɗakin aikin. Ya ce gadon dai dole ya shigo saboda banɗaki, amma teburin zai iya zama in an matsar da shi jikin taga. Ya ɗauko mita ta farko daga kwali, ya warware jaridar, ya riƙe ta a gaban Baba ya tambaye shi a ina take zama. Baba ya nuna kanta ta biyu, can gefen hagu, inda ƙura ta bar shatinta.